Yadda ake tsara jadawalin auna haɗari, da wuraren da makinsa ke yaudarar mutum

Jadawalin auna haɗari allo ne mai gurabe kamar na dara, galibi biyar a tsaye biyar a kwance, wato gurbi 25. Gefe ɗaya yana nuna yiwuwar aukuwar abu, ɗaya gefen kuma yana nuna munin ɓarnar da zai yi idan ya auku. Ana ɗaukar kowane haɗari a ba shi maki biyu, a ajiye shi a gurbin da makin biyun suka haɗu, sannan launin gurbin, kore ko ruwan ɗorawa ko ja, ya faɗi abin da za a yi da shi. Rundunar sojin Amurka tana da irinsa a ƙa'idarta mai lamba MIL-STD-882, haka kuma ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta IEC 31010 ta lissafa shi cikin dabarun auna haɗari. Zana shi ba ya cin minti goma, kuma wannan sauƙin ne yake sa mutane su yarda da lambobin da ke fitowa daga cikinsa fiye da yadda suka cancanta.

Zan bi aikin mataki-mataki da misali guda: siton wata ƙungiyar 'yan kasuwar hatsi da ke ajiye masara buhu 4,000 daga kaka zuwa bazara. Don lissafi ya yi sauƙi, na ɗauki kuɗin buhu a Naira 50,000, wato kayan da ke cikin siton sun kai Naira miliyan 200, kuma ribar da ƙungiyar ke sa rai a shekara mai kyau ta kai kamar miliyan 20. Waɗannan adadi na misali ne, kowa sai ya sa nasa.

Rubuta haɗarin kafin a ba shi maki

Mataki na farko ba ya buƙatar lamba ko ɗaya. Ana tara waɗanda suke taɓa aikin da hannunsu, wato akawun sito da mai gadi da sarkin 'yan dako da mai sa wa hatsi magani, tare da shugabannin ƙungiya, a tambaye su abin da ya taɓa faruwa da abin da ya kusa faruwa. Amsar farko da ake samu kalmomi ne guda-guda: gobara, ƙwari, ɓeraye, ɓarayi, ruwa. Kalma guda ba ta karɓar maki, domin wanda ya ji "gobara" yana iya tuna tartsatsin wayar wuta da aka kashe da bokitin yashi, na kusa da shi kuma yana hango sito ya zama toka. Saboda haka kowane haɗari a rubuta shi cikin cikakkiyar jimla mai ɗauke da sanadi da abin da ya faru da kuma asarar da ta biyo baya. Maimakon "ruwa", a rubuta cewa kwanon rufin kusurwar gabas ya yi yoyo da damina, ruwa ya jiƙa buhu kamar 40, suka yi fumfuna aka zubar. Wanda ya karanta wannan jimla ya san abin da ake tambayarsa, kuma idan ya saɓa wa ɗan'uwansa a maki, an san a kan abu ɗaya suka saɓa.

A nan ne kuma za a tsayar da wa'adin da ake magana a kansa. Tambayar ko gobara za ta tashi ba ta da amsa sai an ce cikin wane lokaci, domin abin da da wuya ya faru a wata guda yana iya zama kusan tabbas a shekara talatin. A misalinmu wa'adin shekara ɗaya ne, daga kaka zuwa kaka, kuma duk makin da za a bayar a kan wannan shekarar ake bayar da shi.

Ma'aunin yiwuwa

Yawancin jadawalan da na gani suna da matakai biyar masu suna kawai: da wuya ƙwarai, da wuya, mai yiwuwa, sau da yawa, kusan kullum. Matsalar ita ce waɗannan kalmomi ba su da nauyi ɗaya a kunnen kowa. A 1951 masu nazarin leƙen asirin Amurka sun rubuta a wani rahoto cewa harin da za a iya kai wa Yugoslabiya daga ɓangaren Tarayyar Sobiyet abu ne mai yiwuwa da ya kamata a ɗauka da muhimmanci. Daga baya Sherman Kent, ɗaya daga cikin waɗanda suka amince da jimlar, ya bi abokan aikinsa yana tambayar kowa abin da yake nufi, sai ya tarar wani kashi 20 cikin 100 yake nufi, wani kuma kashi 80, alhali dukansu sun sa hannu a kan kalmomi iri ɗaya. Idan ƙwararru da suka zauna ɗaki ɗaya za su yi haka, babu dalilin zaton akawu da mai gadi za su fahimci "da wuya" da ma'ana guda.

Maganin shi ne a ɗaure kowane mataki da adadi, kuma ya fi kyau a faɗe shi da "sau nawa a shekara nawa", domin haka mutane suke tuna abubuwa. A sitonmu mataki na 1 shi ne abin da bai kai sau ɗaya a shekara 100 ba. Mataki na 2 daga sau ɗaya a shekara 100 zuwa sau ɗaya a shekara 10, na 3 daga sau ɗaya a shekara 10 zuwa abin da bai kai sau ɗaya a shekara ba, na 4 daga sau ɗaya zuwa sau goma a shekara, na 5 kuma abin da ya wuce sau goma a shekara. Kowane mataki ya ninka na ƙasa da shi sau goma. Da gangan aka yi haka, domin haɗurran da ke cikin sito guda sun bambanta ƙwarai: ɓera yana zuwa kowane mako, babbar gobara kuwa mutum yana iya gama rayuwarsa ta kasuwanci bai gan ta a sitonsa ba, kuma ma'aunin da ke hawa ɗaya-ɗaya ba zai iya ɗaukar su biyun ba.

Ma'aunin munin ɓarna

Shi ma da adadi ake ɗaure shi, kuma adadin na gidan da ake aunawa ne, ba wanda aka kwafo daga jadawalin wani kamfanin mai ba. Ana farawa daga sama, a tambayi wace asara ce za ta rufe ƙungiyar baki ɗaya. A nan duk abin da ya haura Naira miliyan 100, rabin jarin ke nan, shi ne mataki na 5. Daga nan a sauko da rabawa goma-goma: miliyan 10 zuwa 100 mataki na 4, miliyan 1 zuwa 10 na 3, dubu 100 zuwa miliyan 1 na 2, abin da bai kai dubu 100 ba kuma na 1.

Lafiya da rai suna buƙatar nasu layin daban a gefen na kuɗi. Ƙujewar da aka wanke aka ɗaure a wurin aiki ita ce 1, raunin da ya kai mutum asibiti ya dawo a ranar shi ne 2, wanda ya kwantar da shi na kwanaki shi ne 3, nakasa ta dindindin 4, mutuwa kuma 5. Idan haɗari ɗaya ya taɓa kuɗi ya kuma taɓa jiki, wanda ya fi girma a cikin biyun ake ɗauka, ba a haɗa su a raba biyu. Ya kamata shugabanni su san cewa da zarar sun jera "mutuwa" da "miliyan 100" a layi ɗaya, jadawalin zai riƙa ɗaukar su daidai da juna ko ba su yi nufin haka ba. Shi ya sa nake ba da shawarar a rubuta doka a ƙasan takardar tun kafin a fara ba da maki, cewa duk abin da zai iya kashe mutum ja ne, kome ƙanƙantar makin yiwuwarsa, har sai an nuna matakin da aka ɗauka a kansa.

Launi da abin da yake wajabtawa

Kafin a saka haɗari ko ɗaya a kan allon, a shafa launukan a kuma rubuta ma'anar kowanne da aikin da za a yi. Ja yana nufin an ba wani mutum mai suna aikin, da ranar da zai kawo bayani gaban shugabanni. Ruwan ɗorawa yana nufin akawu zai sa ido ya kawo rahoto duk wata, kore kuma an yarda a zauna da abin haka nan. Dalilin gabatar da wannan shi ne idan aka bari sai an ga inda haɗurran suka faɗa, za a tarar ana ja da layin ja baya kaɗan-kaɗan har ya kauce wa duk abin da gyaransa ke da tsada.

Ba da maki

Kowa ya rubuta makinsa a takarda shi kaɗai kafin a buɗe baki. Na taɓa zama a irin wannan taro inda shugaban ƙungiya ya fara magana, ya ce a ganinsa maganin da ake sa wa hatsi ba abin damuwa ba ne tunda shekara da shekaru ana sa shi ba a ga kome ba, sai kowa ya gyaɗa kai aka rubuta 1. Bayan an tashi ne sarkin 'yan dako ya matso kusa da shi ya ce, "Alhaji, Allah ya ƙara maka lafiya, ai bara da aka turara kayan nan mai gadi a bakin ƙofa ya kwana, da safe sai da muka kai shi kemis yana amai da ciwon kai." Ƙwayar da ake turara hatsi da ita, wadda aka fi sani da fostoksin, tana sakin iskar guba idan ta sha danshin iska, kuma wannan iska tana ratsa kafar ƙofa da tsagar bango ta kashe wanda ke barci a kusa. Labarin da zai sauya makin yana bakin mutumin da ba zai katse Alhaji a gaban jama'a ba. Rubutawa a ɓoye ita ce ke fito da irin wannan, kuma wanda bai iya rubutu ba sai a ware shi gefe a tambaye shi.

Bayan an tattara takardun, inda aka yi daidai a wuce, inda aka saɓa da mataki biyu ko fiye a tsaya a ji dalilin kowa, domin galibi ɗayansu ya san abin da sauran ba su sani ba. A gefen kowane maki a rubuta hujjarsa, ko littafin akawu ne, ko abin da aka gani a sitocin maƙwabta cikin shekara ashirin, ko kuma zato ne kawai, a rubuta cewa zato ne.

Ga yadda haɗurra biyar na kuɗi suka fito. Ɓeraye suna farke buhuna kusan kowane mako, kamar sau 50 a shekara, kowane karo asarar ta kai Naira 40,000, don haka yiwuwa 5, muni 1. Yoyon rufi yana zuwa sau ɗaya a shekara biyu ya ɓata buhu 40 na miliyan 2, wato 3 da 3. Satar ɗauki-ɗai-ɗai, buhu uku sau biyu a wata, 5 da 2. Ƙwarin hatsi su shiga buhu 1,000 su rage musu daraja da kashi 30 cikin 100, asarar miliyan 15 ke nan, sau ɗaya a shekara uku, 3 da 4. Gobarar da za ta cinye siton duka, wadda aka ƙiyasta sau ɗaya a shekara 50, ta samu 2 da 5.

Inda ninkawa ke ɓatar da mutum

Abin da aka saba shi ne a ninka makin biyu a jera haɗurran daga babba zuwa ƙarami. Idan aka yi haka, ƙwari sun samu 12, gobara da sata 10 kowannensu, yoyo 9, ɓeraye 5. Wanda ya kalli wannan jeri zai ce yoyon rufi ya kusa ninka ɓarnar ɓeraye biyu, ya kira kafinta ya manta da tarko.

To amma mu bar makin mu koma ga kuɗin kansa, mu ninka sau nawa abin ke faruwa a shekara da asarar kowane karo. Ɓeraye, sau 50 a Naira 40,000, miliyan 2 ke nan a shekara. Yoyo, miliyan 2 sau ɗaya a shekara biyu, miliyan 1 ke nan a shekara. Ashe ɓerayen da suka zo ƙarshe su ne suka ninka yoyon biyu, jadawalin ya juya gaskiyar kai ƙasa. Sauran ukun kuwa, sata ta kai miliyan 3.6, gobara miliyan 4, ƙwari miliyan 5.

Dalilin wannan juyi shi ne lambobin 1 zuwa 5 ba adadi ba ne, matsayi ne kamar na ɗaya da na biyu da na uku a jarrabawa. Wanda ya zo na huɗu bai ninka na biyu a kome ba, kuma babu malamin da zai ninka matsayin yaro a lissafi da matsayinsa a Hausa ya ce ya samo wani abu. A ma'auninmu mataki na 4 ya ninka na 2 sau ɗari ne, ba sau biyu ba. Ninka irin waɗannan lambobi yana fifita gurabun tsakiya a kan na kusurwa: 3 sau 3 ya ba da 9, alhali 5 sau 1 da 1 sau 5 sun ba da 5, ko da yake ukun nan a ma'auni mai hawa goma-goma nauyinsu kusan ɗaya ne. Gurabun kusurwa kuwa su ne gidan abubuwa biyu da suka fi saurin kuɓuce wa ido, ƙaramar ɓarna ta kullum da babban bala'in da ba a cika gani ba. Akwai kuma wani abu da ba a cika lura da shi ba: daga gurbi 25 lambobi 14 kacal ninkawa ke fitarwa, babu 7, babu 11, babu kome tsakanin 20 da 25, don haka tazarar da ake gani tsakanin maki da maki ta lissafin ce, ba ta haɗarin ba.

Idan matakan biyu suna hawa goma-goma kamar namu, tarawa ta fi ninkawa gaskiya, domin ƙarin mataki ɗaya a kowane gefe ninki goma ne na asarar. Da tarawa, ɓeraye da yoyo sun samu 6 kowannensu, sata da gobara da ƙwari kuma 7, wanda ya yi daidai da abin da kuɗin ya nuna: biyun farko suna ƙasa, ukun suna sama kusa da juna. Da ribar miliyan 20 a shekara, ya dace ƙungiyar ta shafa wa 7 zuwa sama ja, 6 ruwan ɗorawa, 5 zuwa ƙasa kore. Mai amfani da Excel, idan ya sa makin yiwuwa a B, na muni a C, sau nawa a shekara a D, asarar kowane karo a E, zai iya ajiye lissafin biyu gefe da gefe:

```
=B2+C2
=D2*E2
```

Duk layin da na farkon ya ce ƙarami ne na biyun ya ce babba ne, shi ne layin da za a koma a sake dubawa.

Yanka haɗari da haɗa shi

Tarawa ba ta warkar da komai ba, kuma ɓerayen nan su ne shaida. Mun rubuta su a matsayin ɓarnar mako-mako suka samu 5 da 1. Da akawu ya rubuta su a matsayin "asarar ɓeraye ta shekara, buhu 40", da sun zama abin da ke faruwa sau ɗaya a shekara da asarar miliyan 2, wato 4 da 3, wanda ninkawa ke mayarwa 12, tarawa kuma 7. Ɓerayen ba su ƙaru ba, buhunan ba su sauya ba, amma haɗarin ya tashi daga ƙarshen jeri zuwa kansa saboda yadda aka rubuta jimlar kawai. Wanda yake son ɓoye matsala sai ya yanka ta gunduwa-gunduwa kowace ta faɗa kore, wanda yake neman a ba sashensa kuɗi kuma sai ya dunƙule ƙanana goma su zama ja. Hanyar gane wannan ita ce a tambayi kowane layi mai makin yiwuwa 5 nawa yake ci a shekara idan an tara, a rubuta amsar a gefensa.

Kuskuren da ya fi wannan yawa shi ne a ɗauki yiwuwar ƙaramin abu a haɗa da munin babbansa. Ana tambaya sau nawa wuta ke tashi, mai gadi ya ce kusan duk shekara waya tana tartsatsi, a rubuta 4. Ana tambaya me gobara za ta iya yi, kowa ya ce za ta cinye siton, a rubuta 5. Sakamakon shi ne 20, wanda ke nufin siton yana ƙonewa ƙurmus kowace shekara, abin da kowa a ɗakin ya san ba haka ba ne. Abubuwa biyu ne aka cakuɗa, kuma kowanne layinsa daban: tartsatsin da ake kashewa nan take 4 da 1, gobarar da ta fi ƙarfin kowa 2 da 5. Gwajin da nake yi wa kowane layi shi ne in karanta makin biyu a jimla ɗaya da babbar murya, "wannan asara, mai wannan girma, tana faruwa sau kaza a shekara kaza", in ga ko akwai wanda zai yi dariya.

Faɗin gurbi da bakin iyaka

Kowane gurbi yana da faɗi ƙwarai. Gobarar da ke zuwa sau ɗaya a shekara 90 da wadda ke zuwa sau ɗaya a shekara 11 duk mataki na 2 ne, alhali ɗaya ta ninka ɗayar sau takwas. Asarar miliyan 11 da ta miliyan 95 duk mataki na 4 ne, ɗaya ana iya shanye ta daga ribar shekara, ɗaya kuma kusan rabin jari ce. A ɗaya ɓangaren, asarar miliyan 9.8 da ta miliyan 10.2 kusan abu ɗaya ne, amma bakin iyaka ya raba su, ɗaya tana iya zama ruwan ɗorawa ɗaya ja. Tony Cox, wanda ya binciki lissafin waɗannan jadawalai a 2008, ya nuna cewa a jadawali irin wanda aka saba, idan aka ɗauko haɗurra biyu-biyu ba tare da zaɓi ba, waɗanda zai iya bambancewa daidai ba tare da shakka ba suna iya gaza kashi 10 cikin 100. Ya kuma nuna cewa inda abubuwan da suka fi yawan faruwa su ne masu ƙaramar ɓarna, masu wuyar faruwa kuma su ne masu babbar ɓarna, jerin da jadawalin ke bayarwa yana iya fin zaɓen ido rufe muni. Siton hatsi kuwa daidai irin wannan wuri ne.

Wannan faɗin yana shafar auna gyara ma. Idan ƙungiyar ta kashe kuɗi ta sauya tsofaffin wayoyi ta raba buhunan wofi da hatsin, yiwuwar gobara tana iya sauka daga sau ɗaya a shekara 20 zuwa sau ɗaya a shekara 80, ragi sau huɗu ke nan, amma a kan allo ba ta motsa daga mataki na 2 ba, sai wani a taro ya ce kuɗin ya tafi a banza. Shi ya sa adadin da aka ƙiyasta ya kamata ya zauna a takardar tare da makin, kada a jefar da shi bayan an samu gurbin.

Sata da gobara sun zo da maki ɗaya ko an ninka ko an tara, kuma matsakaicin kuɗinsu a shekara ma ya yi kusa, miliyan 3.6 da miliyan 4. Duk da haka ba abu ɗaya ba ne. Satar tana rage riba kowace shekara, ƙungiyar ta ci gaba da tafiya tana ɗingishi. Gobarar kuwa shekara 49 ba ta cin ko sisi, a ta hamsin ta tafi da jarin mutane duka, babu wanda zai zo ya ce a raba asarar a kan shekarun baya. Saboda haka duk abin da ke layin muni na 5 a ware shi a yi masa tambayar daban, wato idan ya faru gobe za a iya tashi ko ba za a iya ba, kuma amsarsa galibi inshora ce ko takaful ko raba kayan a sito biyu masu nisa da juna, ba ƙarin kwado ba.

Haɗurran da ke jan juna

Allon yana kallon kowane layi shi kaɗai, sito kuwa ba haka yake aiki ba. Masarar ajiya ana son danshinta kada ya wuce kamar kashi 13 cikin 100. Idan rufi ya yi yoyo danshin ya haura, fumfuna ta kama, ƙwari su samu wurin hayayyafa, kuma wata fumfunar tana haifar da gubar afulatoksin da ke sa masu saye su ƙi kayan. Ke nan yoyon da ya samu ruwan ɗorawa shi ne ƙofar da ƙwarin da suka samu ja ke shigowa ta cikinta, kuma gyaran kwano na Naira dubu ɗari biyu ko uku yana rage layi uku a lokaci guda. Allon ba ya nuna wannan, kuma ba ya nuna kuɗin gyara ko kaɗan. Bayan an gama ba da maki, sai a ɗauki alƙalami a ja kibiya daga kowane haɗari zuwa wanda yake tayarwa, a kuma rubuta kuɗin gyaran kowanne, domin abin da za a fara yi shi ne wanda Naira ɗaya a cikinsa ta fi rage asara, ba lallai wanda ya fi maki ba.

Makin bayan gyara da sake dubawa

Mataki na ƙarshe shi ne a ba kowane haɗari maki na biyu, na yadda zai kasance bayan an ɗauki matakin da aka amince. A nan ake yawan yin alkawarin baka a rage maki. Dokar ita ce ba a rage maki saboda abin da ake shirin yi, sai abin da aka yi aka kuma je aka gani. Tukunyar kashe gobara da ke rataye a bango ba ta rage kome ba idan allurarta ta faɗi ko kuma mai gadi bai taɓa zare mata fil ba. A kuma lura da gefen da matakin ke taɓawa: sauya wayoyi yana rage yiwuwa, inshora tana rage asarar kuɗi kawai ba ta taɓa yiwuwa ba balle layin rai, hana kwana kusa da sito a kwanakin da aka turara hatsi kuma shi ne ke sauke layin mai gadi daga ja.

Idan kusan duk makin da aka tattara 3 ne, alama ce mutane suna gudun ɗaukar matsayi ko ba su da bayani, sai a koma ga littafin akawu. Idan fiye da rabin layukan ja ne, wataƙila ma'aunin munin ya yi wa gidan ƙanƙanta ko kuma an cakuɗa ƙaramin abu da babbansa kamar yadda aka yi wa gobara. A sito ana sake zama a kan jadawalin sau biyu a shekara, da kaka lokacin da kaya ke shigowa da kuma gab da faɗuwar damina, sannan duk lokacin da farashin buhu ya yi babban motsi, domin idan masara ta tashi daga Naira 50,000 zuwa 80,000, buhu 1,300 da a da suke mataki na 4 sun haura miliyan 100 sun shiga na 5 ba tare da an ƙara ko buhu ɗaya a siton ba.